Tambayoyi da amsoshi kan rubuta afish ɗin ranar rigakafi a unguwa

Na jima ina aikin wayar da kai tare da wani ɗan santir na lafiya a nan Garwa ta arewacin Kamaru, kuma duk lokacin da rigakafi ya ƙarato tambayoyin da 'yan'uwa masu irin aikina suke turo min kusan iri ɗaya ne, daga Marwa, Gawundare, har Kusiri. Shi ne na ce bari in tara su wuri ɗaya in huta da maimaitawa. Afish dai shi ne takardar sanarwar da ake mannawa a bango, wasu suna ce mata fosta.

Me da me ya kamata ya fito a afish ɗin?

Abu huɗu ne: rigakafin me, wa za a kawo, a ina, yaushe. Sai ƙananan guda biyu a ƙasa, wato kyauta ne, da kuma a zo da katin yaro. Shi ke nan fa. Duk abin da ka ƙara bayan waɗannan wurin su yake ci, don takardar ba ƙaruwa take ba, haruffan ne suke ƙanƙancewa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne yawancin iyaye matan da muke nema ba su ne suke karanta afish ba. Ɗan lekol, wato ɗan makarantar boko, shi ne zai karanta a hanya ya je gida ya ce Inna an ce a kai Auta rigakafi ran Talata, ko mai shago ya karanta ya faɗa wa wadda ta zo sayen magi, ko maigida ya gani a bangon masallaci. Saƙon sai ya bi ta baki biyu ko uku kafin ya kai ga mai goyo, to rubuta shi yadda ba zai zube a hanya ba. In yaro ɗan aji huɗu ba zai iya haddace shi da karatu ɗaya ba, ya yi tsawo.

Ba sai in fassara takardar da ta zo daga sama kawai ba?

A'a, kar ka yi. Takardar da ke zuwa daga ofishin gundumar lafiya an rubuta ta ne don ma'aikata, da Faransanci na ofis, ta fara da wane yana farin cikin sanar da al'umma cewa a cikin tsarin kaza da kaza, kafin ka kai ga ranar ka ci layi shida. In ka juya ta Hausa kalma da kalma Hausar ma babu mai gane ta. Ka karanta ta, ka tsamo abubuwa huɗun nan da na faɗa a tambayar farko, ka je wurin shugaban santir ka tabbatar da kowane ɗaya da bakinsa, sannan ka ajiye takardar gefe ka rubuta naka kamar kana gaya wa yayarka a tsakar gida.

Sunayen shirye-shirye irin su PEV, wato shirin rigakafi na ƙasa, ko SASNIM, makon lafiyar uwa da yaro, mu ne suka dama. Uwa ba ruwanta da su. In shugaba ya nace sai sun fito, sa su can ƙasa da ƙaramin rubutu.

Wane irin rigakafi zan rubuta? Ba duk ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma nan ne afish da yawa suke ɓata aiki. Akwai rigakafin yau da kullum, wanda yaro ke bi da katinsa: ranar haihuwa allurar tarin fuka da ɗigon shan inna, sai sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9 a yi masa ta ƙyanda da ta ciwon shawara, a wata 15 a sake ta ƙyanda. Akwai kuma gangami, wanda ake yi na 'yan kwanaki ana ba kowane yaro da ke cikin shekarun da aka ƙayyade, ko ya taɓa karɓa ko bai taɓa ba. Gangamin shan inna gida gida ake bi, ɗigo biyu a baki sai a shafa wa ɗan ƙaramin yatsa tawada. Gangamin ƙyanda kuwa allura ce, don haka wuri ake zama a kawo yara.

Ka ga kenan afish ɗinsu ba zai zama ɗaya ba. Na shan inna cewa zai yi masu rigakafi za su zo gidanku, a ajiye yara kusa. Na ƙyanda ko na yau da kullum cewa zai yi a kawo yara wuri kaza. In ka rubuta "Rigakafi ran Talata" kawai, matan unguwa da suka saba da masu ɗigo suna sallama a ƙofa za su zauna a gida suna jira, ku kuma kuna can gindin bishiya da akwatin sanyi kuna jiransu. Ni wannan ya taɓa faruwa da ni, ranar yara bakwai muka gani daga safe har azahar, da yamma mata suna tare ni suna cewa ai ba ku zo ba. Tun daga ranar kalmar farko da nake dubawa a kowane afish ita ce, "a kawo" aka ce ko "za a zo".

Sannan ka ambaci sunan ciwon da Hausar da mutane suka sani: shan inna, ƙyanda ko baƙon dauro, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro. Ka kuma faɗi allura ce ko ɗigo, gaskiyarta. Uwar da ta zo da zaton ɗigo ta tarar da allura, ko ta yarda an yi, gobe ba za ta yarda da takardarka ba.

Yaya zan rubuta waɗanda za a kawo? A takardar an sa 0 zuwa 59.

Wannan lissafin watanni ne na ma'aikata. Babu uwar da ke ƙirga ɗanta da wata 59, kuma sifilin nan ma rikita mutane yake yi, an taɓa tambayata wai wane ne yaro mai shekara sifili. Ka mayar da shi maganar gida. 0 zuwa 59 shi ne "daga jariri sabon haihuwa har yaron da bai cika shekara 5 ba". 0 zuwa 11 shi ne "jariran da ba su cika shekara 1 ba". 9 zuwa 59 shi ne "daga ɗan wata 9 har wanda bai cika shekara 5 ba". Ka lura na ce bai cika ba, ban ce zuwa shekara 5 ba, don in ka ce zuwa shekara 5 za a kawo maka 'yan biyar da rabi a yi ta jayayya a layi.

Kalmar "sabon haihuwa" kar ka yar da ita don neman taƙaitawa. A wurinmu mai jego ba ta cika fita ba kafin suna, wata ma sai ta yi arba'in, to in ba ka faɗa ƙarara cewa har da jaririn kwana uku ba, za a ɗauka ba da shi ake ba, alhali shi ne ma yake da allurar ranar haihuwa da ke jiransa. Wani lokaci nakan ƙara "kaka ko gwaggo za ta iya kawo shi", kuma yana aiki sosai.

In a rana ɗaya akwai rukuni fiye da ɗaya, misali jarirai da mata masu juna biyu da za a yi wa allurar tsinkau-tsinkau, kowane rukuni ka ba shi layinsa. Kar ka cusa su a jimla ɗaya. Amma in sun wuce rukuni biyu, kamar a makon uwa da yaro da ake haɗa bitamin A daga wata 6 da maganin tsutsar ciki daga shekara 1, to kar ka jera duka, ka ce a kawo duk yaron da bai cika shekara 5 ba, ma'aikata su rarrabe a tebur. Rarrabewa aikinsu ne, ba na uwa ba.

To wanda ba shi da kati, ko ya ɓace?

Ka rubuta layin da kashi biyu: "A zo da katin yaro. Ko babu kati a zo." Na biyun ya fi na farkon amfani. Yaran da muka fi nema su ne waɗanda aka haifa a gida ba su taɓa ganin santir ba, ko waɗanda aka fara aka bari, kuma su ne daidai marasa katin. In afish ya ce a zo da kati ya yi shiru, uwarsu za ta ɗauka an kore ta tun daga bango. Akwai kuma mai jin kunya don ta tsallake wata huɗu tana tsoron faɗan ma'aikaciya, ita ma layi ɗaya ya ishe ta: "Wanda ya makara ma a kawo shi." Yaron da ya tsallake ba a sake masa daga farko, daga inda ya tsaya ake ɗorawa.

Lokaci fa, 8h zan sa ko ƙarfe 8?

A ɓangaren Hausa ka rubuta "ƙarfe 8 na safe". Irin 8h zuwa 14h ɗin nan wanda ya yi lekol ne kawai zai gane, 14h kuwa ko shi sai ya tsaya ya cire sha biyu. Ni nakan haɗa agogo da salla, in ce daga ƙarfe 8 na safe zuwa azahar, don azahar kowa ya san ta ko ba agogo a gidan.

Rana kuma sunanta ya fi lambarta. "Talata" babba, sannan "14 ga wata" a gefenta. Kar ka rubuta 14/05 tsurarta, kuma kar ka taɓa rubuta "gobe" ko "jibi" a takardar da za ta kwana a bango, goben ba ta ƙarewa. Kafin ka buga ka ɗauki kalanda ka duba Talatar nan da gaske 14 ce, don in suna da lamba suka saɓa rabin mutane za su bi suna rabi su bi lamba.

Dalilin da ya sa nake matsa wa mutane su zo da hantsi ba zafin rana kaɗai ba ne, ko da yake a watan Maris da Afrilu a Garwa wannan ma ya isa dalili. Allurar ƙyanda da ta tarin fuka gari ne a kwalba, sai an dama da ruwansu, kuma da zarar an dama awa 6 ne iyakarta, abin da ya rage zubarwa ake yi. Kwalbar ƙyanda ta yara 10 ce, ta tarin fuka ta yara 20. In yara suka zo a tare da safe kwalba ta tafi daidai, in kuwa suna zuwa ɗaiɗai har la'asar sai a yi ta asara ko a ce wa uwa ta dawo, wadda aka ce wa ta dawo kuma ba kullum take dawowa ba. Saboda haka lokacin tashi da za ka rubuta ka tambayi mai allurar da kansa, kuma lokacin farawa ya zama wanda da gaske za a fara. In ka san sai an je an ɗauko maganin daga firji a wani wuri da moto, ba za a iso ba kafin tara, to rubuta tara.

Ni zan zaɓi ranar?

In gangami ne na ƙasa, a'a, ranakun daga sama suke zuwa. In kuwa fita ce ta santir zuwa unguwa ko ƙauye mai nisa, kana da baki, kuma ka yi amfani da shi tun kafin a buga komai. Ka kauce wa ranar kasuwar yankin. Wanda ya sa rigakafi ran Lahadi a ƙauyukan da ke cin kasuwar Pitowa, ko ran Litinin a kewayen Marwa, ya san abin da zai tarar, sai dai in a bakin kasuwar za a kafa teburin, wannan kuma dabara ce daban. Juma'a rabin yini ce. Da damina mata suna gona tun asuba, sai ka tambayi jauro, wato mai unguwa, wace rana ce ake hutawa.

Wuri fa? Sunan unguwa bai isa ba?

Bai isa ba. Ka rubuta sunan da mutane ke kiran wurin da shi, ba wanda ke takardar ofis ba. Santir ɗinmu yana da dogon suna na Faransanci a allonsa amma duk unguwa "asibitin bayan kasuwa" suke cewa, to shi nake rubutawa. In a waje za a zauna, ka ba da alama ɗaya da ba ta da biyu: ƙofar gidan jauro, gindin dalbejiyar bakin famfo, filin makarantar allo ta Malam wane. "Kusa da masallaci" ba kwatance ba ne a unguwar da ke da masallaci goma sha.

Ka kuma duba ko wurin mata za su iya tsayawa a sake. An taɓa sa mana tebur daf da majalisar masu shayi, matan aure da yawa suka leƙo suka juya. Afish bai yi laifi ba a nan, amma sunan wurin da ke jikinsa ne ya kore su. In wurare biyu ne a rana ɗaya, ka yi afish biyu, kowane ɓangare da nasa, kar ka sa su a takarda ɗaya mutane su yi ta canki-canka.

Za ka iya nuna mana misali cikakke?

To ga wanda na gyara kwanan baya. Wani ƙanena a aikin ya kawo min nasa ya ce Yaya duba min, ga abin da ya rubuta: "Sanarwa ta musamman. Ana farin cikin sanar da ɗaukacin al'ummar wannan unguwa mai albarka cewa a ƙoƙarin da hukumomin lafiya suke yi na kare lafiyar 'ya'yanmu za a gudanar da aikin rigakafi ga yara 0-11 da mata a ranar 14/05 daga 8h. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da ikon halarta." Hausarsa ba laifi, amma duba: bai faɗi wuri ba sam, don a ransa kowa ya san inda aka saba. Bai ce a kawo ko za a zo ba. 0-11 za a ɗauka shekaru ne a kwaso 'yan firamare. "Mata" kuma duk mata kenan, har tsofaffi. Babu lokacin tashi, babu kyauta. Muka zauna muka mayar da shi haka:

RIGAKAFIN JARIRAI
TALATA, 14 ga wata
Ƙarfe 8 na safe zuwa azahar
A ƙofar gidan Jauro, gindin dalbejiya
A KAWO: jariran da ba su cika shekara 1 ba, har da sabon haihuwa
SU ZO: mata masu juna biyu
KYAUTA NE
A zo da kati. Ko babu kati a zo.

Layi takwas. Ya ce Yaya ai babu sallama babu addu'a, kamar umarnin soja. Na ce masa sallama da addu'a na bakin mai shela ne da liman, su suna da lokaci, bango ba shi da shi. Amma na bar masa "Allah ya raya mana su" a can ƙasa da ƙaramin rubutu don ban ga abin da ya rage ba, kuma gaskiya ta ɗan sanyaya takardar. Abin da na ƙi bari shi ne "Sanarwa ta musamman" a sama da manyan haruffa, don wurin da ido ke fara sauka kenan, kuma kowace takarda a bangon nan sanarwa ce.

Da wane harshe, Hausa, Fillanci ko Faransanci? Ajami fa?

Ya danganta da bangon da za ka manna. A Hausare Hausa a sama, a inda Fillanci ya fi ƙarfi shi ne a sama, kuma a Garwa kusan ko'ina ana buƙatarsa. Harshe biyu a takarda ɗaya yana yiwuwa in ka raba ta sama da ƙasa, uku kuwa cunkoso ne, gara ka yi takardu daban. Faransanci yana da amfaninsa don 'yan lekol da shi suka iya karatu, kuma na faɗa a farko su ne masu kai saƙo gida. Fillancin kar ka yi shi da ka in ba harshenka ba ne, ka ba mai shi.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: mu nan da Faransanci muka koyi haɗa baƙi, to wanda bai saba da bokon Hausa ba in ya ga "ciki" yana iya karanta shi "siki", shi ya sa wasu ke rubuta tch a wurin c, da ou a wurin u. Ni ba na bin wannan, kauce wa kalmar nake yi in akwai wata, shi ya sa a misalin sama na sa "masu juna biyu" maimakon "masu ciki", ga shi kuma ta fi ladabi a bango. Ajami kuwa ina ba da shawararsa ƙwarai a bangon masallaci da makarantun allo, ka kai wa malami ya rubuta da hannunsa ka yi fotokofi. Dattijon da zai wuce boko ko kallo bai yi ba, in ya ga ajami sai ya tsaya, kuma sau da yawa shi ne mai ba da izinin fita a gidan.

Girman takarda da rubutu fa, kuma dole sai da na'ura?

Ba dole ba. Farin kwali da marka baƙa mai kauri sun fi A4 da aka cika da ƙananan haruffa. In za ka buga, A3 don bango, A4 don shaguna da ba wa liman a hannu. Baƙi a kan fari ko a kan ruwan ɗorawa, ja kuwa rana tana cinye shi cikin 'yan kwanaki. Layin farko da sunan rana su fi komai girma, kamar faɗin yatsu uku. Gwajin da nake yi shi ne in manna in ja baya taku goma, in ban iya karanta me da yaushe daga nan ba, sai a sake.

Masu bugawa a shago ku kula da ƙ da ɗ da ɓ, wata na'urar ba ta san su ba sai ta fito da ɗan akwati a wurinsu. Ka mayar da aikin PDF tun a wayarka kafin ka kai, ka kuma duba kofi na farko kafin a buga sauran. In ya gagara a buga da k da d, ka bi da biro ka sa musu lanƙwasa.

In sa hoto?

Guda ɗaya, in yana taimakon wanda ba ya karatu ya gane na jarirai ne. Uwa da goyo cikin shiga irin tamu ya isa. Kar ka sa babban sirinji ko yaro yana tsala kuka, kuma kar ka sa hoton ɗigo a ranar allura, dalilin na faɗe shi a sama, a tambayar irin rigakafi. Hoton ɗan maƙwabta da ka ɗauka a waya ba ya hawa bango sai da yardar iyayensa.

Kalmar "kyauta" dole ce? Ai kowa ya sani.

Ba kowa ba. Rigakafin yara na shirin ƙasa kyauta ne, amma wadda ta saba duk shigarta asibiti sai ta kwance bakin zane ba za ta ɗauka haka ba sai an faɗa mata. Sai dai kafin ka rubuta ka tambayi shugaban santir ko akwai wani abu da ake karɓar kuɗi a kansa ranar, ko da dala ashirin ce ta kati ko awo. In akwai, ko a janye shi ranar ko ka faɗe shi a takardar. Kyauta a bango, kuɗi a tebur, sunanka ne zai ɓaci a unguwa don kai aka gani kana mannawa.

Ya kamata in amsa jita-jita a jikin afish, kamar masu cewa yana hana haihuwa?

A'a. Ka rubuta "ba ya hana haihuwa" a bango, wanda bai taɓa jin maganar ba yau ya ji, kuma ɗan lekol da zai kai saƙo gida ƙila "hana haihuwa" ɗin kaɗai zai riƙe. Wannan hira ce ta zaure, da jauro da liman da ungozoma. Abin da afish zai iya yi shi ne ya nuna daga ina ya fito: sunan santir da hatiminsa a ƙasa, in mai unguwa ya yarda a ƙara "da sanin Jauro". Tambarin ma'aikatar lafiya ko na wata ƙungiya kar ka kwafo daga intanet ka liƙa da kanka, sai in su suka ba ka.

Haka batun zazzaɓi ko ɗan kumburin da kan biyo bayan allura, ma'aikaciya ce za ta yi wa uwa bayani a tebur. Sabon rigakafi ne kaɗai nake ba layi na musamman. Lokacin da Kamaru ta fara na zazzaɓin cizon sauro a watan Janairun 2024, a gundumomin da aka fara, dole afish ya faɗi daga wata 6 ake farawa kuma sau 4 ake yi, don mutane ba su san shi ba. Ko shi ɗin ka tabbatar santir ɗinku yana da shi kafin ka sa.

Yaushe zan manna, kuma a ina?

Kwana biyar zuwa bakwai kafin ranar, yadda Juma'a ɗaya za ta faɗo a ciki liman ya karanta bayan salla, in akwai coci a unguwar a kai musu kafin Lahadi. In ka manna da sati uku, iska da awaki da yara sun gama da shi, an kuma manta. Wurare kuwa ka bi inda ake tsayawa, ba inda ake wucewa ba: famfo, injin niƙa, shagon unguwa, mai cajin waya, ƙofar lekol, bangon masallaci. Injin niƙa da famfo sun fi min ko'ina don nan 'yan mata da yara ke jiran layi ba abin yi sai kalle-kalle. Ka nemi izinin mai bango, ka manna daidai ido. Kunun garin rogo yana kama bangon siminti fiye da salatif, a bangon ƙasa kuwa sai ƙusa da ɗan kwali, da damina ka sa shi a farar leda.

Ka ɗauki hotonsa ka tura a WhatsApp na unguwa, amma ka haɗa da saƙon murya kana karanta layukan nan takwas. Mai shela ma takardar za ka ba shi ya bi, ana gobe da yamma da kuma safiyar ranar, don kar bango ya ce takwas shi ya ce bakwai.

In aka ɗaga ranar bayan na manna fa?

Yana faruwa, magani bai iso ba ko ruwa ya cinye hanya. Kar ka bi da biro kana gyara lamba, ba mai lura. Ka cire tsohon gaba ɗaya ka manna sabo da "AN ƊAGA" babba a sama, mai shela ya zaga, kuma a ranar da aka sa da farko wani ya je ya tsaya a wurin don waɗanda labari bai kai musu ba. Bayan an gama rigakafi ma ka bi ka cire naka, saboda in "Talata" ta watan jiya tana nan a bango, ta wannan watan ba mai kallonta.

Ta yaya zan san afish ɗin ya yi aiki?

Tun kafin ka buga ka gwada shi. Ka ba mutum uku da ba sa aikin lafiya, ɗan lekol ɗaya, dattijo ɗaya, mace ɗaya, su karanta ko a karanta musu sau ɗaya, ka karɓe takardar ka tambaye su wa za a kai, ina, yaushe. Inda biyu suka yi tuntuɓe, layin ne ba daidai ba, ba su ba.

A ranar kuma layin da ke gabanka zai gaya maka. In an kawo manyan yara da yawa, layin shekaru ne ya gaza. In babu jarirai sababbin haihuwa ko ɗaya, ka koma tambayar 0 zuwa 59. In mutane suna ta zuwa bayan an naɗe tabarma, lokacin tashi bai fito ba. In wasu sun tafi santir alhali kuna ƙofar gidan jauro, wurin ne. Ni nakan zauna kusa da mai rajista in tambayi kowace uwa wa ya gaya mata, in ja ɗan layi a bayan littafina, bango, liman, mai shela, waya, maƙwabciya. Yawanci "maƙwabciya" ce ke cinyewa, sai in ƙara tambaya ita kuma a ina ta ji, nan ne ake cewa ɗanta ne ya gani a wurin niƙa.